Ɗan saƙon da zan haɗa da gayyata zuwa ga manajan da ke neman ma'aikaci a LinkedIn: ku duba mini kafin in tura

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku kafin in yi abin da ba zai gyaru ba. Ranar Litinin na nemi aikin jami'in sito a wani kamfanin rarraba magunguna. A ƙasan tallar aikin, wajen da aka rubuta "Meet the hiring team", na ga sunan manajan da ke kula da sashen. Ina so in tura masa gayyatar ƙulla alaƙa da ɗan saƙo, amma abin da na rubuta ya ƙi shiga akwatin. Ga shi:

"Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Sunana Sadiq, na kammala digiri a fannin kasuwanci kuma ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana. Na daɗe ina neman aiki. Don Allah ina roƙon ka taimaka ka duba takarduna ka ba ni dama a kamfaninku mai albarka, kowane irin aiki ne zan yi. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri."

Da Hausa na kawo shi nan don mu gyara tare, in mun gama sai in mayar da shi harshen da aka yi tallar da shi. Me zan cire, me zan bari? Aikin nan ina son sa da gaske. Shekara uku na yi a siton magunguna kafin a rufe reshenmu wata huɗu da suka wuce.

Kabir: Wa alaikumus salam. Dalilin da ya ƙi shiga shi ne akwatin yana da iyaka. Asusun kyauta haruffa 200 yake ɗauka, mai Premium kuma 300, kuma duk wata tazara tsakanin kalmomi da waƙafi da aya ana ƙirga su. Na ƙirga naka, ya kusa 350. In ka manna shi a haka, haruffa 200 za su ƙare ne daidai kan "Don Allah", ba ka ma kai ga faɗin abin da ya kawo ka ba. Sannan asusun kyauta gayyata ƙalilan ne a wata yake bari ka haɗa da saƙo, don haka kada ka ƙona ɗaya a gwaji.

Nura: Ni a ganina bai ma yi tsawo ba. Takardar neman aiki ai sai ta cika shafi. Ka fara da adireshinka da kwanan wata, sai kan magana, sai sakin layi uku: wane ne kai, me ka iya, me ya sa kake son kamfanin. A ƙarshe ka haɗa da takardar sibi. Haka na yi na samu aikin da nake yi yanzu.

Kabir: Malam Nura, ba takardar neman aiki yake nufi ba, wannan ya riga ya tura ta ranar Litinin. Wannan ɗan saƙon da ke tafiya tare da gayyata ne idan ka danna "Connect". Ba a haɗa masa wata takarda, layi biyu zuwa uku ne kawai.

Nura: Au, na ɗauka imel ne. To ku ci gaba, ina karantawa.

Malam Bala: Sadiq ƙanena, ka huta da wannan wahalar. Ka tura gayyatar haka nan babu saƙo. Ni na gwada da kaina: watan jiya na tura guda ashirin ba tare da na rubuta ko kalma ba, goma sha biyu suka karɓa. Mutane sun gaji da saƙonni. Da zarar mutum ya ga rubutu a jikin gayyata, zuciyarsa na ba shi cewa ko dai talla za a yi masa ko roƙo. In babu rubutu, babu abin da zai ƙi ka a kai.

Hajiya Rabi: Sannunku. Bari in sa baki, don ni ce irin wadda ake turo wa waɗannan saƙonni. Ina shugabantar sashen sayen kaya a wurin aikina, kuma duk lokacin da muka tallata gurbi da sunana a jiki, gayyata takan taru mini a cikin kwana biyu uku fiye da yadda zan iya bi ɗaya bayan ɗaya a natse.

Malam Bala, akwai gaskiya a maganarka, amma rabi. Gayyatar da ba ta da saƙo ta fi wadda ke da mummunan saƙo, wannan ban musa ba. Sai dai in tambaye ka: su wane ne ashirin ɗin nan da ka tura wa?

Malam Bala: Yawanci abokan sana'a ne, wasu mun yi makaranta ɗaya, wasu kuma muna da abokai da yawa tare.

Hajiya Rabi: To ka gani. Waɗannan suna da dalilin karɓa tun kafin ka ce komai, sun ga makaranta ɗaya ko sun ga sunayen mutanen da suka sani a tsakaninku. Manajan Sadiq ba shi da ko ɗaya. Baƙon suna ne zai bayyana masa a makon da baƙin sunaye suka yi masa yawa. Idan babu saƙo, sai ya yi hasashen dalilin zuwan, kuma a irin wannan makon hasashensa guda ne: wani mai neman aiki ne zai fara bin sa da tambayar ya ake ciki.

Sadiq, bari in gaya maka abin da ke faruwa a kaina lokacin da nake duba gayyata, don ka san wa kake rubuta wa. Ba tambayar "shin zan ɗauki wannan aiki?" nake yi ba. Wannan tambayar tana da nata lokacin, da nata takardun. Abin da nake tambayar kaina shi ne: in na danna karɓa, me zai biyo baya? Domin karɓa na nufin na buɗe maka ƙofar turo mini saƙo kai tsaye duk lokacin da ka ga dama. Saƙon da ya nuna mini cewa nauyi ne zai biyo baya, ina wuce shi, ba don na raina mai shi ba. Saƙon da ya nuna mini mutumin ya san aikinmu kuma ba abin da yake jira in yi masa yanzu, ina karɓa ba tare da dogon tunani ba.

Yanzu dubi naka. Gaisuwar farko kaɗai ta ci haruffa sama da 70, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da kake da shi. "Sunana Sadiq" ba ya buƙatar faɗi, sunanka da hotonka suna saman saƙon. "Mai ƙwazo da riƙon amana" kowa yana rubuta shi, kuma ba ni da hanyar tantancewa. Amma jumlar da ta fi cutar da kai ita ce "kowane irin aiki ne zan yi". Na san da kyakkyawar niyya ka rubuta ta, kana nuna ba ka da girman kai. A kunnen manaja kuwa ma'anarta ita ce ba wannan gurbin kake so ba, albashi kake so ko daga ina. Abin da ya fi ba ni tausayi, kana da shekara uku a siton magunguna, wato ainihin abin da suke nema, ka gaya mana mu a nan, shi kuwa ba ka gaya masa ba.

Sadiq: Wallahi Hajiya ban lura ba sai da kika faɗa. Na ɗauka tunda yana cikin takardun da na tura, zai gani.

Hajiya Rabi: Zai yiwu bai ma ga takardun ba tukuna. A wurare da yawa jami'in ɗaukar ma'aikata ne ke fara tace su, sai ya miƙa wa manaja waɗanda suka tsallake. Shi ya sa yana da kyau ka tabbatar wa kake tura wa. Idan jami'in ɗaukar ma'aikata ne, aikinsa ke nan ya yi hulɗa da masu nema, kana iya fita fili ka ce masa ga gurbin da na nema. Idan manajan sashe ne, wanda za ka zauna a ƙarƙashinsa, shi damuwarsa sitonsa ne, ɗaukar ma'aikaci wani ƙarin aiki ne da ya hau kansa. Da yaren sito za ka yi masa magana. Ka shiga shafinsa ka duba abin da ya rubuta ko ya yi sharhi a kai kwanan nan. Akwai wani abu?

Sadiq: Manajan sashe ne, haka aka rubuta a ƙarƙashin sunansa. Akwai rubutu guda da ya yi kamar mako uku da suka wuce, yana kukan yadda magani ke lalacewa a sito saboda ana jera sabon kaya a gaba, tsohon yana baya har wa'adinsa ya cika. Na sake rubutawa, ku duba:

"Barka da aiki, Malam. Na karanta rubutunka, ya burge ni ƙwarai, kai gwani ne a wannan fanni. Na nemi aikin da kuka tallata. Ina da gogewar shekara uku. Ko za ka ba ni minti goma mu yi magana a waya?"

Wannan 198 ne, ya shiga.

Zainab: Ya fi na farko nesa ba kusa ba, amma Sadiq don Allah ka cire maganar waya. Bari in ba ka labarin abin da ya same ni bara. Na nemi aikin akanta, na tura wa shugabar sashen gayyata da saƙo mai kyau, ta karɓa a ranar. Murna ta sa ko awa ɗaya ba a yi ba na tura mata takarduna da dogon bayani, na ce ko za ta kira ni. Ta karanta, ba ta amsa ba. Bayan kwana biyu na sake turawa, bayan mako na sake. Har yau ba ta ce uffan ba. Abin ya daɗe yana damuna, don na san ni na rufe ƙofar da ta buɗe mini. Kai kuma kana so ka sa roƙon tun a bakin ƙofa.

Malam Bala: Amma Zainab, in bai nemi komai ba, mene ne amfanin saƙon? Ai gara mutum ya faɗi buƙatarsa a san inda aka dosa.

Hajiya Rabi: Ya nemi abu, Malam Bala. Gayyatar kanta buƙata ce: ka karɓe ni. Buƙata ɗaya ta isa saƙo ɗaya. Minti goma a waya kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wajen wanda ke tsakiyar tantance masu nema. In ya ba Sadiq, ya zama ya fifita shi a kan sauran tun kafin intabiyu, kuma wasu wuraren ma ba sa son manaja ya yi irin wannan ganawar a gefe. Sai ka jefa shi cikin tsaka mai wuya: in ya karɓi gayyatar kamar ya amsa kiran ne, in ya ƙi kiran sai ya nemo kalmomin ba da haƙuri. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya bar gayyatar a inda take.

Sauran gyara biyu, Sadiq. "Ya burge ni, kai gwani ne" za ka iya tura wa mutum ɗari ba tare da ka canza harafi ba, kuma manajan ya san haka. Ka faɗi a kan me rubutun yake, wannan kaɗai ya isa shaida cewa ka karanta. Haka "gogewar shekara uku": a me? Ka gaya mini, a tsohon wurin aikinka, me kake yi da hannunka game da wannan matsalar da ya yi kuka a kai?

Sadiq: Duk farkon wata ina fitar da jerin kaya a Excel bisa ranar cikar wa'adi. Duk abin da ya rage masa kwana 90 ina manna masa jar takarda in dawo da shi layin gaba, don wanda zai riga lalacewa ya riga fita. In ya kai kwana 30 bai fita ba sai in sanar da sashen sayarwa.

Hajiya Rabi: Madalla. Wannan shi ne saƙonka, yana hannunka tun farko. Wanda bai taɓa tsayawa a sito ba ba zai ce "kwana 90" ba. Ga yadda zan jera shi:

"Barka, Malam. Rubutunka kan maganin da ke lalacewa a sito ya yi daidai da abin da na gani: shekara 3 ina ware kayan da ya rage musu kwana 90. Na nemi gurbin jami'in sito. Zan so mu ƙulla alaƙa."

Ka lura da tsarin. Ka fara da shi, ba da kanka ba, don idon mai dubawa kan kalmomin farko yake sauka. Sai abu guda na gaskiya da ya haɗa ku. Sai ka sanar da shi ka nemi gurbin, a matsayin labari, ba ka ce ya yi komai a kai ba. Sai rufewa. Babu tambayar da ke jiran amsa, don haka zai iya danna karɓa ya ci gaba da aikinsa.

Kabir: Na ƙirga, 193 ne, saura 7 har da tazarar da za ta zo kafin sunansa. Idan sunan ya fi haka tsawo, sai a rage wani wuri, misali a mayar da "ya yi daidai da abin da na gani" ya koma "na gani da idona". Kuma in ka juya shi zuwa wani harshe ka sake ƙirgawa daga farko, tsawon ba zai zo ɗaya ba. Sunan kuma ka kwafo shi daga shafinsa harafi da harafi. Kuskuren suna a saƙo mai layi uku ba ya ɓuya.

Zainab: Hajiya, ni wuri ɗaya ne ban gamsu ba. Me ya sa zai ce ya nemi gurbin? Da zarar manajan ya ga wannan jumlar ya san inda aka dosa, duk maganar kwana 90 ta zama share fage. Da ni ce, zan bar ta. In ya karɓa, bayan kwana biyu sai in ambata.

Hajiya Rabi: Na fahimce ki, kuma na san manajojin da za su goyi bayanki. Ni dai ga dalilina. Mutum ya turo mini saƙo kamar sha'awar sana'a ce kawai ta kawo shi, na karɓa, jibi sai ga shi da maganar gurbi, ko kuma in ga sunansa a jerin masu nema. A take nake jin an zagaye ni. Ba laifi ya yi ba, amma yardar da na ba shi ta ragu. Wanda ya faɗa tun farko kuwa, na karɓe shi ina sane. Kuma akwai amfani na zahiri: in sunan ya zauna mini, ranar da jerin ya iso teburina zan gane shi, wani lokaci ma nakan tambayi jami'in ɗaukar ma'aikata ko takardun wane sun iso.

Zainab: Amma akwai manajan da ƙa'idarsa ita ce ba ya karɓar duk wanda ke cikin masu nema har a gama. Irin wannan, jumlar ce za ta sa ya ƙi.

Hajiya Rabi: Akwai su, gaskiya ne. Sai dai irin wannan in ka ɓoye masa ya karɓa, daga baya ya gano, ya fi jin haushi a kan ka faɗa ya bar ka a jira.

Zainab: Ni har yanzu ina ganin ya danganta da mutum. Wanda ya sa sunansa a jikin talla ya san masu nema za su zo, a nan na yarda a faɗa. Amma in kai ka binciko shi da kanka, sunansa ba ya jikin tallar, ni ba zan fara da maganar gurbi ba.

Hajiya Rabi: Wannan bambancin yana da ma'ana. Ban gama yarda ba, amma a batun Sadiq dai sunan yana jikin tallar.

Usman: Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni manajan da nake so in tura wa bai taɓa rubuta komai ba, shafinsa shiru, sai sunan muƙami kawai. Kuma ni sabon kammala karatu ne, ba ni da shekara uku da zan ambata. Shi ke nan ba ni da abin faɗa?

Hajiya Rabi: Kana da shi, Usman. In bai yi rubutu ba, tallar aikin ita ce rubutunsa, don galibi shi ya faɗi abin da za a sa a ciki. Ka karanta jerin ayyukan da aka lissafa, ka ɗauki guda ɗaya da ka taɓa yi da hannunka, ko a aikin kammala karatu ne ko a wurin da ka yi horo. Ka ce tallar ta ambaci abu kaza, na yi shi a wuri kaza na tsawon wata kaza. Abin da ba na so ka yi shi ne ƙirƙiro alaƙar da babu. Kada ka ce ka daɗe kana bin ayyukansa alhali babu abin bi. Kada kuma ka ce wane ne ya turo ka sai in wanen ya amince ka ambace shi, domin abu na farko da manaja zai yi shi ne ya tambaye shi.

Malam Bala: To a irin halin Usman, in babu ko wannan ɗin, ai maganata ta dawo: ya tura babu saƙo.

Hajiya Rabi: In babu abin gaskiya ko guda da zai faɗa, eh, gara shiru da cika akwati da yabo. Amma in har babu abu ko guda a tallar da ya taɓa yi, sai ya sake duba ko gurbin nasa ne.

Kabir: Sadiq, kafin ka tura, mene ne a rubuce ƙarƙashin sunanka? Wannan layin yana fitowa tare da gayyatar, manajan zai gan shi kafin ma ya karanta saƙon.

Sadiq: Na sa cewa ina neman aiki, a shirye nake da kowace dama.

Kabir: To ka gyara shi tukuna, ba a fafe gora ranar tafiya. In saƙo yana cewa ma'aikacin sito ne mai shekara uku, layin sama kuma yana cewa kowace dama, sun ƙaryata juna. Ka sa sunan sana'ar: jami'in sito, lissafin kaya, magunguna. Ka tabbata shekara ukun nan tana cikin jerin ayyukanka da kwanan wata, da maganar ware kayan da wa'adinsu ya kusa, don in saƙon ya ja hankalinsa abu na gaba shi ne ya buɗe shafinka. Hoto kuma ya zama fuskarka ce a fili.

Sai wajen turawa, a nan mutane da yawa ke asara. A waya, in ka danna "Connect" daga jerin sunayen da manhajar ke nuna maka, gayyatar na iya tafiya nan take ba tare da an ba ka damar rubutu ba. Ka buɗe shafin mutumin, ka danna ɗigo ukun nan, ka zaɓi "Personalize invite". A kwamfuta, bayan "Connect" za ka ga "Add a note". Idan "Follow" ka gani a maimakon "Connect", ka duba cikin "More". Ka rubuta saƙon a wani wuri tukuna, ka karanta shi da ƙarfi sau ɗaya, sannan ka manna, don in ya tafi ba a gyara shi.

Nura: In kuma ya riga ya tafi babu saƙon fa? Ni ya taɓa faruwa da ni.

Kabir: Za ka iya janyewa, akwai "Withdraw" a jerin gayyatar da ka tura. Amma in ka janye, sai ka jira har mako uku kafin ka iya sake tura wa mutumin. A neman aiki mako uku na iya zama an gama tantancewa. Don haka in ta kuɓuce maka babu saƙo, ni shawarata ka bar ta, ka gyara shafinka ya yi maka magana.

Sadiq: Na gyara layin sama, na ƙara bayanin aikin sito, na tura da saƙon Hajiya. Sunansa gajere ne, ya shiga. Yanzu "Pending" yake nunawa. In ya ƙi, zan sani?

Kabir: Ba za a sanar da kai ba. In ya danna "Ignore", babu saƙon da zai zo maka. Shi ya sa shiru ba ya gaya maka komai: ƙila ya ƙi, ƙila bai buɗe manhajar ba, akwai masu yin makonni ba su leƙa ba. Gayyatar da ba a taɓa ba takan zauna har wata shida kafin ta faɗi da kanta. Abu guda da za ka kiyaye: wanda ya ƙi gayyata ana ba shi zaɓin cewa bai san mai turowar ba, kuma in irin wannan ya taru a kan mutum ana iya taƙaita masa tura gayyata. Don haka kada jira ya sa ka bi duk ma'aikatan kamfanin da gayyata a dare ɗaya.

Malam Bala: Ni da zan tura wa mutum uku ko huɗu a kamfanin, ko ɗaya ya amsa.

Hajiya Rabi: Manaja da jami'in ɗaukar ma'aikata, biyu sun isa, kuma kowa da nasa saƙon. Muna zama ofis ɗaya, muna hira. Ranar da na gano saƙon da aka turo mini shi ne aka turo wa abokan aikina uku kalma da kalma, har da "rubutunki ya burge ni" ga wanda bai taɓa rubutu ba, daga ranar na daina ɗaukar mai shi da muhimmanci.

Sadiq: Jama'a, yau kwana huɗu, ya karɓa da safen nan. Bai rubuta komai ba. Na ga kuma ya buɗe shafina. Hannuna har rawa yake, ina so in tura masa takarduna.

Zainab: Kada ka tura, Sadiq, don Allah. Takardun suna wurinsu tun Litinin ɗin da ta wuce.

Hajiya Rabi: Ka bi maganar Zainab. Buɗe shafinka da ya yi alama ce mai kyau, amma ba alkawari ba ne, kada ka gina komai a kai. Layi ɗaya ya isa yau: ka gode masa da karɓa, ka tsaya nan. In tallar tana da ranar rufewa, ka jira ta wuce da kamar mako guda. In har lokacin ba ka ji komai ba, ka tura saƙo guda, gajere, ka ce takardunka suna ciki kuma kana nan in ana buƙatar ƙarin bayani. Guda ɗaya, ko ya amsa ko bai amsa ba.

Malam Bala: Ni dai ina ganin mako guda bayan rufewa ya yi nisa. Ƙarfe da zafinsa ake dukansa, yanzu ne sunan yake kansa.

Hajiya Rabi: Da wani sabon abu ne a hannunsa, da na yarda da kai. Amma yau ba shi da abin da zai faɗa wanda bai riga ya faɗa ba.

Sadiq: Na tura godiyar, layi ɗaya. Tallar za ta rufe ranar Juma'a mai zuwa, na sa tunatarwa a waya zuwa Juma'ar bayanta. Usman, in ka zaɓi abin da za ka ɗauka daga tallar taka, kawo shi nan Kabir ya ƙirga maka haruffan kafin ka tura.

Usman: Na samu guda, maganar shigar da bayanan kaya a Excel, na yi ta wata shida a wurin horo. Zan rubuta in kawo da yamma.